Makin Barci a Wuyan Hannu: Abin da Agogon Zamani Ke Aunawa da Abin da Yake Kintata

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin makin barcin da agogon zamani da zoben auna barci ke bai wa masu su kowace safiya. Ta nuna cewa manyan abubuwan da na'urar ke aunawa kai tsaye biyu ne, motsin hannu da bugun jini, sauran kuma kintace ne da aka gina a kansu. An lissafa dare ɗaya gaɓa-gaɓa domin a nuna dalilin da ya sa agogo ke kusantar gaskiya ga mai lafiyayyen barci, amma yake yin kuskure mafi girma ga mai fama da rashin barci. An kuma duba yadda barcin da sallar Asuba ke rabawa biyu ke rikita lissafin maki, da batun launin fata wajen auna iskar oksijin, sannan aka bayyana alƙaluman da suka cancanci a dogara da su da yadda ya kamata a karanta su.

1.0 Gabatarwa

Abin da ya sa ni wannan nazari ƙanena ne. Wata safiya ya miƙo mini wayarsa fuskarsa a yamutse, ya ce: "Yaya, dubi wannan. Barcina mai nauyi minti 38 ne kacal, makin kuma 64. Anya lafiya nake kuwa?" Na tambaye shi yadda ya tashi. Ya ce garau ya tashi, sai da ya duba wayar ne ya fara jin jikinsa ya mutu.

Tambayar da ya yi mini ita ce tambayar wannan maƙala. Daga ina minti 38 ɗin nan ya fito, wa ya auna shi, kuma da me? Agogon da ke ɗaure a wuyan hannu bai taɓa kusantar ƙwaƙwalwa ba, alhali a can ake yin barci. Ba ina nufin na'urar ba ta da amfani ba. Tana da shi, kuma zan nuna inda yake. Sai dai alƙaluman da take jerawa a fuskar waya ba darajarsu ɗaya ba, ko da yake duk da launi ɗaya da tabbaci ɗaya ake nuna su.

2.0 Yadda ake auna barci a asibiti

Ma'aunin da likitoci suka amince da shi sunansa folisomnogirafi. Mutum zai kwana a ɗakin gwaji, a manna masa wayoyi a fatar kai domin ɗaukar igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa, wasu a gefen idanu domin motsin ido, wasu a haɓa domin ganin ko tsoka ta saki. Ana ƙara bel a ƙirji da ciki, da ɗan bututu a hanci, da ma'aunin oksijin a yatsa. Da safe sai ƙwararren ma'aikaci ya yanka daren gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa sakan 30, ya sa wa kowace suna: farke, ko N1, ko N2, ko N3, ko REM. Daren awa takwas gaɓa 960 ke nan.

Wannan tsari ya samo asali daga littafin ƙa'idoji na Rechtschaffen da Kales na 1968, wanda ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sabunta a 2007. Abin lura shi ne cewa kowane mataki da siffar igiyar ƙwaƙwalwa aka bayyana shi. Barci mai nauyi, wato N3, shi ne gaɓar da manyan igiyoyi masu tafiya a hankali suka cike aƙalla kashi 20 cikin 100 nata. REM kuwa, wanda Aserinsky da Kleitman suka bayyana a Jami'ar Chicago a 1953, ana gane shi ne idan ƙwaƙwalwa ta yi kama da ta mai farke, idanu na kai-komo da sauri, tsokar haɓa kuma ta saki gaba ɗaya. A nan ne aka fi yin mafarkin da ake tunawa.

Ko wannan ma'auni ma bai tsira daga saɓani ba. Binciken da Rosenberg da Van Hout suka wallafa a 2013 ya nuna cewa ƙwararrun masu tantancewa suna dacewa da juna a kusan kashi 83 cikin 100 na gaɓoɓi, kuma sun fi saɓawa a kan N1 da N3. Idan masu kallon ƙwaƙwalwar da idonsu suna saɓawa a gaɓa ɗaya cikin shida, to ya kamata mu san iyakar abin da za mu nema daga na'urar da ba ta ganin ƙwaƙwalwar ko kaɗan.

3.0 Abin da ke cikin agogo

Idan aka juya bayan agogon za a ga 'yan fitilu kore suna ƙyaftawa. Haskensu na shiga fata, jini na shanye wani sashe, ragowar ya dawo wa wani ɗan ido mai karɓar haske. Duk sa'ad da zuciya ta buga, jini na ƙaruwa a ƙananan jijiyoyi, hasken da ke dawowa ya ragu. Daga wannan hawa da sauka ake ƙirga bugun zuciya a minti, a kuma auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Tazarar ba ta zama daidai kullum, kuma sauyawarta ita ce abin da ake rubutawa HRV a fuskar waya.

Na biyu shi ne ma'aunin motsi, ɗan ƙanƙanin abu da ke jin duk wata girgizar hannu ta fuskoki uku. Auna barci da motsin hannu, wato aktigirafi, ya girmi agogon zamani nesa ba kusa ba. Tun 1992 Cole da Kripke da abokan aikinsu suka wallafa ƙa'idar lissafi da har yau ake amfani da ita a bincike. Tunanin mai sauƙi ne: idan hannu ya daɗe bai motsa ba, mai shi ya yi barci. Wasu agoguna na ƙara zafin fata da jan haske na auna oksijin, amma ginshiƙin lissafin barci motsi ne da bugun jini.

Yaya ake samo matakan barci daga waɗannan? Kamfani zai tara mutane su kwana a ɗakin gwaji da wayoyi a kai da agogo a hannu, sannan a koya wa manhaja cewa idan bugun zuciya ya lafa ya daidaita, hannu kuma ya yi tsit, galibi N3 ne, idan kuma bugun ya riƙa sauyawa alhali jiki bai motsi, galibi REM ne. Kalmar "galibi" ita ce zuciyar maganar. Manhajar tana faɗin abin da ya fi yiwuwa ne bisa jikin mutanen da aka koyar da ita a kansu. Wanda zuciyarsa ke tafiya daban da tasu, kamar mai shan maganin hawan jini irin atenolol da ke rage bugun zuciya, ko mai bugun zuciya marar tsari, ko mai zazzaɓi, kintacen na iya kauce masa ba tare da wata alama ta bayyana a waya ba.

4.0 Lissafin dare ɗaya

Masu bincike na auna ingancin agogo da tambayoyi biyu. Ta farko: a cikin gaɓoɓin da mutum yake barci da gaske, nawa agogo ya ce barci ne? Wannan zan kira shi ƙarfin gane barci. Ta biyu: a cikin gaɓoɓin da mutum yake farke, nawa agogo ya ce farke ne? Wannan kuma ƙarfin gane farke.

A 2021 Chinoy da abokan aikinsa suka wallafa gwajin na'urori bakwai a mujallar Sleep, inda matasa 34 masu lafiya suka kwana dare uku a ɗakin gwaji. Duk na'urorin sun gane aƙalla kashi 93 cikin 100 na gaɓoɓin barci. Amma wajen gane farke, mafi rauni ta tsaya a kashi 18, mafi kyau kuma kashi 54. Wato ko mafi kyawunsu, kusan rabin lokacin da mutum ke kwance idonsa biyu barci take rubuta masa. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya kwanta shiru cikin duhu yana tunanin bashin da ke kansa, hannunsa bai motsi, numfashinsa a hankali, a wurin ma'aunin motsi ba shi da bambanci da mai barci.

Bari mu ga abin da wannan ke haifarwa da lissafi. Mu ƙaddara wani agogo mai ƙarfin gane barci kashi 95, da ƙarfin gane farke kashi 40. Alƙaluman misali ne na zaɓa, amma suna cikin iyakar abin da gwajin ya samu. Mu ɗaura shi a hannun mutum biyu, kowannensu ya kwanta awa takwas, gaɓa 960.

Na farko lafiyayyen mai barci ne. Ya yi barcin awa bakwai da rabi, gaɓa 900, ya kasance farke na rabin awa, gaɓa 60. Daga 900 ɗin nan agogo zai gane 855. Daga 60 na farke zai gane 24 kawai, ya lissafa sauran 36 a matsayin barci. Jimillar da zai nuna ita ce gaɓa 891, wato minti 445 da rabi, alhali gaskiyar minti 450 ce. Kuskuren bai kai minti biyar ba. Wannan mutum zai yabi agogonsa, kuma yana da hujja. Sai dai a lura da cewa dacewar ta samu ne saboda kuskure biyu sun kashe juna: barcin da aka ɗauka farke ne da farken da aka ɗauka barci ne sun kusan zama daidai.

Na biyu mai fama da rashin barci ne. Ya yi barcin awa shida, gaɓa 720, ya kwana yana juyayi na awa biyu, gaɓa 240. Daga 720 agogo zai gane 684. Daga 240 na farke zai gane 96, ya mayar da 144 barci. Jimilla gaɓa 828, wato awa shida da minti 54. An ƙara masa kusan awa guda da bai yi ba. Likitoci na lissafa ingancin barci ta hanyar raba lokacin barci da lokacin kwanciya, kuma yawanci idan ya gaza kashi 85 cikin 100 sukan ɗauke shi alamar matsala. Na wannan bawan Allah a gaskiya kashi 75 ne. Agogo zai nuna kashi 86. Na'ura ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma ta tsallakar da shi daga sahun masu matsala zuwa sahun masu lafiya.

Wannan shi ne abin da na fi so a tafi da shi daga wannan maƙala. Girman kuskuren agogo ya danganta ne da yawan lokacin da mutum ya yi farke a kan shimfiɗa. Don haka wanda ya fi buƙatar a auna masa barci daidai, shi ne wanda na'urar ta fi yi wa kuskure.

Lissafin ya kuma nuna mana yadda za mu saurari tallar da ke cewa agogo kaza yana dacewa da gwajin asibiti da kashi 90 da wani abu. A daren mutum na farko, da za a ɗauki agogon da ya lalace, wanda ba abin da yake cewa sai "barci" daga kwanciya har tashi, zai dace a gaɓa 900 cikin 960, kusan kashi 94 cikin 100. Agogonmu na misali da ke aiki ya dace ne a gaɓa 879, ƙasa da kashi 92. Duk rahoton da ya ba da jimillar dacewa kawai, bai faɗi ƙarfin gane farke ba, bai gaya mana abin da muke buƙatar sani ba.

Adalci ya sa in ƙara wani abu. Idan agogo da mai shi suka saɓa, ba kullum ne agogon ke da laifi ba. Sananne ne a fannin cewa masu rashin barci da yawa na raina tsawon barcin da suka yi, har akwai waɗanda za su rantse ba su runtsa ba, gwajin ƙwaƙwalwa ya nuna sun yi awanni. Shi ya sa ba a tabbatar da ciwon rashin barci da na'ura. Ana tabbatar da shi ne da koken majiyyaci: wahalar fara barci ko riƙe shi, aƙalla dare uku a mako, na tsawon wata uku, tare da illa ga harkokinsa na yini.

5.0 Matakan barci da makin da ke bisa kansu

Yanzu mu koma ga minti 38 na ƙanena. A gwajin da de Zambotti da abokan aikinsa suka yi wa Fitbit Charge 2, wanda aka wallafa a 2018, agogon ya gane kusan kashi 81 na gaɓoɓin barci marar nauyi, wato N1 da N2, kashi 74 na REM, da kashi 49 kacal na barci mai nauyi. Sababbin na'urori sun ɗan inganta, amma barci mai nauyi na cikin matakan da suka fi ba su wahala har yanzu. Wanda aka nuna wa minti 38 yana iya kasancewa ya yi 70, wanda aka nuna wa 90 kuma yana iya kasancewa bai kai haka ba. Ga shi kuma barci mai nauyi na raguwa da shekaru ko a jikin mai cikakkiyar lafiya, don haka dattijo ɗan shekara 65 da ke kwatanta nasa da na ɗansa yana tayar wa kansa hankali ne a banza.

Shi kuwa makin da ake bayarwa daga 100, haɗin kamfani ne, kamar yadda kowace uwargida ke da yadda take haɗa yajinta. Fitbit na ba tsawon barci maki 50, barci mai nauyi da REM maki 25, sai maki 25 ga abin da ya kira farfaɗowar jiki, wanda ya haɗa bugun zuciya da yawan juye-juye. Apple, a makin da ya ƙaddamar a 2025, na ba tsawon barci 50, daidaituwar lokacin kwanciya 30, katsewar barci 20, bai sa matakan barci a matsayin rukuni mai zaman kansa ba. Mutum ɗaya a dare ɗaya, da agogo biyu a hannuwansa biyu, zai tashi da maki biyu mabambanta, kuma babu wani gwajin asibiti da za a koma gare shi a ce wannan ne daidai, domin babu wani abu a jikin ɗan'adam da ake kira maki 64. Ƙari a kan haka, kamfanoni na sabunta manhajarsu jefi-jefi, don haka makin bara da na bana ba lallai ne da mudu ɗaya aka auna su ba.

6.0 Barcin da Asuba ke rabawa

An gina waɗannan manhajoji ne bisa tunanin cewa barci dunƙule ɗaya ne, daga kwanciyar dare zuwa tashin safe. Miliyoyin Musulmi, har da mafi yawanmu a ƙasar Hausa, ba haka muke barci ba. Ɗauki magidanci da ke kwanciya ƙarfe goma da rabi, ya tashi ƙarfe biyar ya tafi masallaci, ya dawo ya sake kwanciya daga ƙarfe shida zuwa bakwai da kwata, sannan ya yi ƙailula ta minti 40 bayan Azahar. A dunƙule ya samu kusan awa takwas da minti 25, wanda ya haura awa bakwai da ƙungiyoyin likitocin barci suka ba da shawara ga baligi a 2015.

Abin da agogo zai yi da wannan ya danganta da ƙirarsa. Wani zai rufe daren a ƙarfe biyar, musamman idan an cire shi domin alwala, ya ba da maki a kan awa shida da rabi, barcin bayan Asuba da ƙailula su zama rara ko su ɓace. Wani zai haɗe daren ya lissafa awa ɗayan masallaci a matsayin katsewar barci, ya rage maki kamar dai mutumin ya kwana yana juyi. Akwai kuma hali na uku da na gani a nawa agogon: na zauna a kan darduma bayan sallah ina lazimi, hannun hagu a kan cinya bai motsi, daga baya na tarar an rubuta mini wannan lokaci a cikin barci marar nauyi.

Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, REM kuma ya fi yawa gab da safiya. Don haka barcin bayan Asuba yakan zo da REM mai yawa. Amma Fitbit, alal misali, ba ya fitar da matakan barci sai barcin ya kai awa uku. Wannan awa ɗaya da kwata ba za a tantance matakanta ba, sai mutum ya riƙa ganin REM ɗinsa ya gaza kullum, alhali yana yin sa a lokacin da agogo ya daina ƙirgawa. Haka abin yake a watan azumi, da sahur da tahajjud a goman ƙarshe: makin daidaituwar lokacin kwanciya zai faɗi warwas. Faɗuwar gaskiya ce ta fuskar cewa lokutan sun sauya. Abin da mai azumi ya kamata ya duba shi ne jimillar barcinsa a awa 24, ya haɗa da hannunsa idan manhajar ba ta haɗa ba.

7.0 Launin fata, oksijin da ɗaukewar numfashi

Tun da haske ake amfani da shi, dole a yi tambaya game da baƙar fata, domin sinadarin melanin na shanye haske, musamman kore. Game da ƙirga bugun zuciya, gwajin Bent da abokan aikinta na 2020 bai samu bambanci mai ƙarfi tsakanin launukan fata ba. Motsi ne ya fi jawo kuskure, kuma mai barci ba ya yawan motsi. Agogon da ya yi sako-sako a hannu ya fi zama abin damuwa a nan.

Batun oksijin daban ne. A 2020 Sjoding da abokan aikinsa suka ruwaito a New England Journal of Medicine cewa a asibitin Jami'ar Michigan, cikin awon da na'urar yatsa ta nuna kashi 92 zuwa 96, gwajin jini ya nuna oksijin ya gaza kashi 88 a kashi 11.7 na awon majiyyata baƙaƙe, amma kashi 3.6 ne kawai a na farare. Wannan na'urar asibiti ce da ke ratsa yatsa da haske. Agogo kuwa hasken da ya dawo daga wuyan hannu yake karantawa, hanyar da ta fi wuya. Don haka lambar oksijin mai kyau a agogon baƙin mutum ba hujja ba ce ta cewa numfashinsa lafiya lau yake da dare.

Wannan na da muhimmanci saboda ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci, inda maƙogwaro ke toshewa na sakan goma ko fiye, sau da yawa a awa. Idan ya kai sau 15 a awa matsakaici ne, sau 30 kuma mai tsanani, kuma yana da alaƙa da hawan jini. Mai wannan ciwo na yin gajerun farkawa da ba ya tunawa, da yawansu ba sa motsa hannu, don haka yana iya tashi da maki 85. A 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince wa Samsung da Apple su riƙa sanar da masu agogo alamun wannan ciwo. A gwajin da Apple ya gabatar, kusan mutum ɗaya cikin uku masu matsakaici ko tsananin ciwon bai samu sanarwa ba, amma da wuya ta je wa wanda ba shi da shi. Ma'anar wannan a aikace ita ce: idan sanarwa ta zo, a je asibiti. Idan ba ta zo ba, amma maiɗaki na cewa maigida na minshari har numfashinsa ya tsaya ya farka da shaƙewa, yana kuma gyangyaɗi a wurin aiki ko a kan sitiyari, shaidarta ta fi shirun agogo ƙarfi.

8.0 Abin da za a dogara da shi

Tashin hankalin ƙanena yana da suna a fannin. A 2017 Baron da abokan aikinta suka bayyana majiyyata uku da neman kammalallen maki ya ƙara dagula musu barci, suka kira halin otosomniya. A 2018 kuma Gavriloff da abokan aikinsa a Oxford suka ba masu rashin barci sakamakon ƙarya daga na'ura, wasu aka ce musu sun yi barci mai kyau, wasu marar kyau, ba tare da la'akari da abin da ya faru ba. Waɗanda aka gaya wa marar kyau sun fi kokawa da kasala da jin barci a wannan yini. Lambar da aka gani da safe na iya ƙirƙirar gajiyar da take iƙirarin aunawa.

Abin da agogo ya ƙware a kai shi ne lokaci: ƙarfe nawa aka kwanta, ƙarfe nawa aka tashi, da yadda waɗannan ke sauyawa daga mako zuwa mako. Mutane da yawa na zaton ƙarfe sha ɗaya suke kwanciya, sai tarihin wata guda ya nuna musu sha biyu da rabi ne. Na biyu shi ne bugun zuciya na cikin dare, wanda awo ne na kai tsaye, a kuma lokacin da hannu ke kwance. Wanda nasa ya saba zama 58 ya ga ya koma 68 dare biyu a jere, akwai abin dubawa: zazzaɓi na tafe, ko ƙarancin ruwa a lokacin zafi, ko cin abinci mai nauyi dab da kwanciya. HRV ma haka, ana kwatanta na mutum ne da nasa na makonnin baya, domin bambancinsa tsakanin mutum da mutum na da faɗi ƙwarai.

Tun da kuskuren agogo a jikin mutum ɗaya yakan karkata gefe ɗaya, ana iya amfani da shi wajen gwada sauyi ko da lambar kanta ba daidai take ba. Hanyar da na ba ƙanena ita ce ta mako huɗu. Mako biyun farko ya ci gaba da rayuwarsa yadda ya saba, amma kowace safiya, kafin ya taɓa waya, ya rubuta a takarda lokacin da ya kwanta, kimanin mintunan da ya ɗauka kafin barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka, da yadda ya ji jikinsa daga ɗaya zuwa biyar. Mako biyu na gaba ya sauya abu ɗaya tak: ya bar shayi da goro daga La'asar, domin rabin sinadarin kafeyin da aka sha na nan a jini bayan kimanin awa biyar. A ƙarshe ya ɗauki matsakaicin kowane mako biyu na jimillar barci a awa 24 da bugun zuciyar dare, ya ajiye su kusa da abin da ya rubuta a takarda. Idan takarda da agogo suka nuna gefe ɗaya, sauyin ya yi aiki. Idan agogo na cewa lafiya, takarda kuma na cewa dare uku a mako yana kwana idonsa biyu, takardar zai ɗauka ya kai wa likita.